Hawan Jinin Huhu: Yadda Yake Gajiyar da Ɓangaren Dama na Zuciya

Idan aka ce wa mutum yana da hawan jini, abin da ke fara zuwa ransa shi ne na'urar nan da ake ɗaurawa a dantse, a hura ta ta matse, sannan ma'aikacin lafiya ya karanto lambobi biyu: 120 bisa 80, ko 160 bisa 100. Amma akwai wani hawan jinin da wannan na'ura ba ta ganinsa ko kaɗan. Mutum zai yi shekara biyu yana haki idan ya hau bene, ƙafafunsa suna kumbura da yamma, duk inda ya je a auna shi a ce jininsa bai hau ba. Ba ƙarya aka yi masa ba. Jinin dantsensa lafiya lau yake. Inda jinin ya hau shi ne cikin jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa huhu, can cikin ƙirji, inda ba a iya ɗaura komai.

Ciwon a jijiyoyin huhu yake, amma ba huhun ne ke fara sarewa ba. Wanda ke ɗaukar nauyin, wanda kuma ƙarfinsa ko rauninsa ke nuna ko majinyaci zai daɗe ko ba zai daɗe ba, shi ne ɗakin ƙasa na dama na zuciya. Likitocin zuciya sun daɗe da gano cewa mutum biyu za su iya samun lambar matsi iri ɗaya a huhu, ɗaya yana zuwa kasuwa yana harkokinsa, ɗaya kuwa ba ya iya zuwa banɗaki sai an riƙe shi. Bambancin yana wajen wannan ɗaki.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, da bango a tsakiya da ya raba dama da hagu. Jinin da ya gama zaga jiki ya ƙarar da iskar oksijin ɗinsa yakan dawo ɗakin sama na dama, ya sauka ɗakin ƙasa na dama, shi kuma ya tura shi cikin babbar jijiyar huhu. A huhu jinin ya ɗebi oksijin, ya gangaro ɗakin sama na hagu, ya sauka ɗakin ƙasa na hagu, wanda ke harba shi ko'ina daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Layi ɗaya ne, saboda haka duk abin da dama ta tura shi hagu za ta samu. Babban mutum da ke zaune yana hutawa, kowane ɓangare yakan tura kimanin lita 5 a minti ɗaya.

Yawan jinin ɗaya ne, amma wahalar turawar ba ɗaya ba ce. Jijiyoyin huhu faffaɗa ne, masu taushi, masu yawan rassa, kuma tafiyar gajera ce. Matsin da ke cikinsu bai wuce kamar 25 bisa 10 ba, wato matsakaicinsa kimanin 14, a ma'auni ɗaya da wanda ake auna dantse da shi, inda matsakaicin ke kai wajen 90. Shi ya sa ƙirar ɗakunan biyu ta bambanta. Na hagu zagayayye ne, kaurin tsokarsa ya kai kusan santimita ɗaya, kuma matsewa yake yi yana murɗawa. Na dama siriri ne, kaurinsa milimita 3 zuwa 5 kacal, ya lanƙwasa ya rungumi na hagu, aikinsa kuma ya fi kama da na zugazugin maƙeri: motsi kaɗan, iska mai yawa, muddin bakin a buɗe yake. Ka ƙara masa yawan jini, zai buɗe ya karɓa ba gardama. Ka toshe masa gaba, nan take zai fara shan wuya.

Daga taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a Geneva a 1973, an daɗe ana ɗaukar matsakaicin matsi na 25 a matsayin iyaka. Masana da suka taru a birnin Nice na Faransa a 2018 suka ba da shawarar a sauko da ita, kuma ƙa'idojin likitocin Turai na 2022 suka tabbatar: duk abin da ya haura 20 a lokacin hutu, hawan jinin huhu ne. A masu ciwo mai tsanani ana ganin 50, 60, har fiye.

Abin da ke tayar da matsin

Hawan jinin huhu ba cuta ɗaya ba ce. Alama ce da cututtuka da dama ke haifarwa, kuma likitoci sun kasa su gida biyar. Mafi yawan masu shi a duniya, matsalar daga ɓangaren hagu na zuciya take farowa: ko tsokar ta raunana, ko wata ƙofa ta lalace, jini ya kasa wucewa ya taru baya cikin huhu. Na biyu a yawa su ne masu ciwon huhu na dindindin, irin wanda taba sigari, hayaƙin girki na shekaru, ko tabon tarin fuka ke bari. Jijiyoyin huhu suna da wata ɗabi'a tasu: inda iska ta yi ƙaranci sai su tsuke, don jini ya karkata inda iska take. Dabara ce mai kyau idan wuri ɗaya ne ya toshe, amma idan huhun gaba ɗaya ke ƙarancin iska, sai dukkansu su tsuke a tare. Akwai kuma waɗanda gudan jini ya maƙale musu a jijiyar huhu ya ƙi narkewa ya zama tabo. Akwai waɗanda ƙananan jijiyoyin da kansu ne suka yi kauri suka ƙuntace, ko dai ba tare da sanannen dalili ba, ko saboda hujin zuciya da aka haife su da shi, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko tsargiya, musamman nau'in da ke kama hanji da hanta. Gida na biyar shi ne na masu dalilai a cakuɗe, kuma nan aka saka masu sikila.

Duk wanda ya san unguwanninmu da ƙauyukanmu zai ga rabin wannan jeri ba baƙo ba ne. Bari mu ɗauki ɗaya daga ciki mu bi shi daki-daki, domin a cikinsa ana ganin kowane mataki a fili.

Mu ƙaddara wata mata ce mai shekara 26, mai 'ya'ya biyu. Tana 'yar shekara tara ta yi ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku gaɓoɓinta suka riƙa ciwo suna kumbura, yau gwiwa gobe idon sawu, aka sha magani ya lafa, kowa ya manta. Abin da ya faru shi ne garkuwar jikinta, garin yaƙar ƙwayar cutar maƙogwaron, ta kai wa ƙofofin zuciyarta hari. Ƙofar da ta fi shan wannan ɓarna ita ce ta tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na hagu, wadda likitoci ke kira mitiral. A lafiyayyen mutum faɗin buɗewarta murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne. Shekara da shekaru ƙyaurenta biyu suka yi ta kauri suna mannewa da juna, har buɗewar ta koma murabba'in santimita 1. Daga 1.5 zuwa ƙasa an shiga mataki mai tsanani.

Lita 5 ɗin nan dole su bi ta wannan 'yar kafa a kowane minti. Matsi a ɗakin sama na hagu, wanda bai saba wuce 8 zuwa 12 ba, ya haura ya kai 25. Babu wata ƙofa tsakanin wannan ɗaki da huhu, don haka matsin ya koma baya kai tsaye. Da farko wannan kaɗai ne: gaba ta cunkushe, baya ta ɗauka. Amma da tafiya ta yi tafiya, ƙananan jijiyoyin huhu suka mayar da martani. Suka tsuke, tsokar jikinsu ta ƙaru, cikinsu ya ƙuntace. Yanzu shinge biyu ke gaban ɗakin dama: ƙofar da ta tsuke can nesa, da jijiyoyin da suka ƙuntace nan kusa.

Yadda ɗakin dama ke jurewa, da yadda yake sarewa

Da a rana ɗaya wannan matsi ya zo, da ba ta kai labari ba. Ɗakin dama wanda bai shirya ba ba ya iya tura jini a kan matsakaicin matsi da ya wuce kimanin 40, shi ya sa babban gudan jini da ya toshe jijiyar huhu farat ɗaya yake iya kashe mutum cikin 'yan mintoci. Nata kuwa a hankali ya zo, ɗakin ya samu lokacin yin ƙwanji. Tsokarsa ta yi kauri, daga milimita 4 zuwa 8 ko 10, ƙarfin matsawarsa ya ninka. A wannan mataki zuciya tana biyan buƙatar jiki idan ana zaune. Sai an tashi aiki ake ganin gazawa, domin lafiyayyar zuciya takan ninka abin da take turawa sau uku ko huɗu idan ana aikin ƙarfi, wannan kuwa ba ta da rarar yin haka. Matar ta lura daka yana gagararta, ɗaukar bokitin ruwa sai ta tsaya hutu a hanya. Ta ce gajiyar raino ce. A kemis aka ce asma ce ko ƙarancin jini.

Wannan juriya tana iya kai shekaru, amma tana da tsada. Tsoka mai kauri tana buƙatar oksijin mai yawa, alhali ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita ba su ƙaru daidai da kaurinta ba. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. A lafiyayyen mutum, tsokar ɗakin dama tana samun jininta a kowane lokaci, da sanda take matsawa da sanda take saki, saboda matsinta bai kai ya danne jijiyoyin cikinta ba. Idan matsin ya hau, sai ta riƙa danne su da kanta a duk bugu, jini ya daina shigarta sai a ɗan lokacin saki. Buƙata ta ƙaru, abinci ya ragu. Wannan ne ke sa wasu masu ciwon jin nauyi ko zafi a ƙirji idan sun yi sauri, ko da jijiyoyin zuciyarsu ba su toshe ba.

Idan ƙarfi ya kai iyakarsa, ɗakin yakan koma ga dabarar da ya iya tun asali, wato buɗewa. Ya faɗaɗa don ya ɗauki jini mai yawa, ko da kaso kaɗan zai iya turawa. Na ɗan lokaci hakan yana taimakawa. Sai dai akwai doka a nan wadda ba ta da makawa: a matsi ɗaya, gwargwadon faɗin ɗaki gwargwadon jan da bangonsa ke sha. Faɗaɗar na ƙara wa tsokar wahala, wahalar na ƙara raunana ta, raunin na ƙara faɗaɗa ɗakin.

Daga nan abubuwa biyu ke lalacewa, kuma su ne, a ganina, zuciyar lamarin. Na farko ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na dama ce, mai ƙyaure uku. Ita kanta lafiyarta ƙalau, amma zoben da take zaune a kai ya buɗe tare da ɗakin, ƙyauren suka daina haɗuwa. Yanzu duk bugun da ɗakin ya yi, wani kaso na jinin baya yake komawa, inda ya fi sauƙi, maimakon ya kutsa cikin huhu. A bugu na gaba wannan jinin zai sake dawowa ya ƙara cika ɗakin da ya riga ya cika.

Na biyu bangon tsakiya ne. A ka'ida yakan lanƙwaso ne zuwa dama, saboda hagu ta fi matsi. Idan dama ta kumbura, sai ta ture bangon zuwa hagu. Zuciya kuwa a cikin wata jaka take wadda ba ta miƙewa da sauri, don haka wurin da dama ta ci, daga rabon hagu ta ci shi. A hoton zuciya ana ganin ɗakin hagu, wanda ya kamata ya fito da'ira, ya baje ta gefe ɗaya ya koma siffar harafin D. Ɗakin hagu mai ƙarfi ne, amma ba zai tura abin da bai shige shi ba. Jinin da ke isa jiki ya ragu, lambar dantse ta fara sauka, jijiyar da ke ciyar da ɗakin dama ta ƙara rasa ƙarfin turi. Abin ya zama zagaye, kowane mataki yana ingiza na gabansa.

Abin da ake gani a jiki

Gazawar ɓangaren dama ta fuska biyu take bayyana. Ta gaba, jini ba ya isa: kasala, sanyin tafin hannu da ƙafa, jiri idan an miƙe, da suma a tsakiyar aiki. Suma lokacin hawan bene ko saurin tafiya alama ce mai nauyi ƙwarai, domin tana nufin tsokokin jiki sun buɗe jijiyoyinsu suna neman jini, zuciya ta kasa ƙarowa, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta.

Ta baya kuwa jini ne ke taruwa. Likita zai kishingiɗar da matar nan ya dubi wuyanta, ya ga jijiya ta cika tana harbawa har kusa da kunne. Zai taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama ta ɗan zabura, saboda hanta ta kumbura da jini. Zai danna yatsa a ƙaurinta ya ɗauke, gurbin ya zauna. Idan abin ya yi nisa ruwa na taruwa a ciki har a zaci juna biyu ne. Hanjin ma yana kumbura, ta ci loma uku ta ji ta ƙoshi, ta riƙa ramewa a fuska da kafaɗu alhali nauyinta a sikeli ƙaruwa yake. Hanjin da ya kumbura ba ya tsotse magani yadda ya kamata, shi ya sa wani lokaci ƙwayar da take aiki a da take daina aiki, sai an koma allura.

Ƙoda ce ke ƙara dagula lissafi. Ita ba ta san abin da ke faruwa a ƙirji ba. Abin da ta gani kawai shi ne jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta ɗauka jiki ya rasa ruwa, ta fara riƙe gishiri da ruwa. Wannan ruwan kuma kan ɗakin dama yake komawa.

Akwai wata yaudara da ya kamata masu jinya su sani. Matar nan a da ba ta iya kwanciya sai da matashi uku, saboda ruwa na taruwa a huhunta. Da ɗakin dama ya raunana, jinin da yake turawa huhu ya ragu, sai ta ji numfashin dare ya ɗan yi sauƙi. Har lambar matsin huhu tana iya sauka. 'Yan uwa su ce an samu sauƙi, alhali mai turawar ne ya gaji.

Yadda ake aunawa

Gwajin farko shi ne hoton zuciya na na'urar sauti, wanda ake kira eko, irin dai na'urar da ake duba juna biyu da ita. Abin sha'awa, yoyon ƙofar nan mai ƙyaure uku shi ke ba da hanyar awo. Na'urar tana auna gudun jinin da ke komawa baya, kuma gwargwadon matsin ɗakin gwargwadon gudun. Lissafin shi ne a ninka gudun da kansa, a ninka da huɗu, sannan a ƙara matsin ɗakin sama na dama. A wajen matar nan gudun ya kai mita 4 a daƙiƙa: 4 × 4 × 4 = 64. Babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ciki ta buɗe fiye da milimita 21 kuma ba ta motsawa da numfashi, abin da ke sa a ƙiyasta matsin ɗakin sama a 15. Jimilla 79, inda lafiyayye ba ya wuce 35. Gudun da ya haura 2.8 yana sa a yi zargi, wanda ya haura 3.4 kuwa zargin ya yi ƙarfi.

Likita mai lura ba zai tsaya a kan wannan lamba ba. Zai auna yadda gindin ɗakin dama ke zabura zuwa ƙasa a kowane bugu. A lafiyayye yakan yi tafiyar milimita 20 ko fiye, ƙasa da 17 kuma rauni ne. Nata 13 ne. Wannan ƙaramar lamba ta fi 79 ɗin faɗin halin da take ciki.

Eko ƙiyasi ne, kuma yana kuskure ta kowane ɓangare. Masu sikila misali ne mai kyau: a cikin manyansu kusan mutum uku cikin goma eko kan nuna gudun da ya ɗan hau, amma idan aka auna kai tsaye, kimanin ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka ake tabbatar wa ciwon. Awon kai tsaye shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar wuya, hannu ko cinya, ya ratsa ɗakunan dama ya shiga jijiyar huhu. Wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, shi ya fara gwada zura bututu zuwa zuciyar ɗan Adam mai rai a 1929, kuma a jikinsa ya gwada. André Cournand da Dickinson Richards suka mayar da abin hanyar awo a New York, su ukun suka raba kyautar Nobel a 1956.

Bututun yana ba da lambobi uku: matsakaicin matsi a jijiyar huhu, matsin da ke dawowa daga hagu, da yawan jinin da ke wucewa a minti. Na matar nan 50, 26, da lita 4. Matsin hagu da ya haura 15 yana nuna tushen matsalar a hagu yake. Idan aka cire 26 daga 50 aka raba da 4, za a sami 6, wato gwargwadon turjiyar jijiyoyin huhun kansu, wadda bai kamata ta wuce 2 ba. Shingayen nan biyu ke nan sun fito a lissafi. Gaskiya wannan awo ba ko'ina ake samunsa ba a ƙasashenmu, sai manyan cibiyoyi ƙalilan, kuma a lamari irin nata, inda eko ya nuna tsukakkiyar ƙofa ƙarara, sau da yawa ana iya fara magani ba tare da shi ba.

Magani, da inda ake kuskure

Ciwon da ke cikin ƙananan jijiyoyin huhu kansu, a shekarun 1980 ba shi da magani. Wani bincike da aka yi a Amurka a lokacin ya nuna rabin masu nau'in da ba a san dalilinsa ba sun rasu cikin shekara 2.8 da gano shi. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 aka samu magungunan buɗe waɗannan jijiyoyi, suka sauya lamarin sosai. Ɗaya daga cikinsu shi ne sildenafil, wanda jama'a suka fi sani a matsayin maganin ƙarfin maza, aka kuma amince da shi don wannan ciwo a 2005. Yana da araha, yana ko'ina, kuma nan haɗarin yake. An gani a takardar eko an rubuta hawan jinin huhu, sai a ce a sha.

Ga matar nan, wannan zai iya zama ɓarna. Idan aka buɗe jijiyoyin huhu alhali ƙofar da ke gaba tana nan a tsuke, ƙarin jini zai kwararo ya rasa mafita, ya tsattsafo cikin huhu, ta kasa numfashi. A masu sikila ma an dakatar da wani gwaji na wannan magani a Amurka a 2009, saboda waɗanda suka sha sun fi yawan tashin ciwo. A masu ciwon huhu na hayaƙi yana iya rage oksijin a jini. Kafin a taɓa magani dole a san daga wane gida ciwon ya fito.

Kuskure na biyu ƙarin ruwa ne. An kawo mara lafiya a galabaice, an auna an ga 85 bisa 60, hannu ya tafi wajen ledar ruwa. A mafi yawan cututtuka hakan daidai ne. A ɗakin dama da ya riga ya kumbura, kowace lita tana ƙara ture bangon tsakiya, ta ƙara matse hagu, jinin ya ƙara sauka. Duban jijiyar wuya na daƙiƙa goma ya isa ya hana wannan. Sau da yawa abin da ke ɗaga jinin irin wannan majinyaci shi ne a rage masa ruwa da maganin sa fitsari, irin su furosemayid, ɗakin ya ɗan motse, ƙofa ta rage yoyo, hagu ta samu wurin cika. Shi ma da awo ake yi, domin idan aka zarce ƙoda ce za ta biya.

A gida, sikeli ya fi kowace na'ura amfani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma nauyi yana hawa kafin ƙafa ta nuna. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku dalili ne na komawa asibiti. Gishiri a rage, a tuna kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk sinadarin gishirin ne a cikinsu, don haka kunun kanwa ba na mai wannan ciwo ba ne, ko tana jego. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak suna sa ƙoda ta riƙe ruwa. Idan bugun zuciya ya rikice farat ɗaya, yana sauri ba tsari, kada a jira gobe: ɗaki mai kauri ya dogara da turin ɗakin sama wajen cika, tsukakkiyar ƙofa kuma tana buƙatar lokaci tsakanin bugu da bugu, rikicewar na ƙwace duka biyun, ga kuma haɗarin gudan jini da shanyewar ɓarin jiki.

Maganar juna biyu sai an yi ta a fili, da ita da maigidanta. Ciki yana ƙara yawan jini da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma kwanakin farko bayan haihuwa, lokacin da ruwan jiki ke komawa cikin jijiyoyi, su suka fi haɗari. Mata da yawa a cikinsu na biyu ko na uku ake fara gano wannan ciwo. Ga mai hawan jinin huhu mai tsanani, shawarar likitoci ita ce a guji ɗaukar ciki, a nata yanayin kuwa a jinkirta har a gyara ƙofar.

Gyaran ƙofar shi ne ainihin maganinta. Idan ƙyauren ba su ƙandare ba, ba sa yoyo sosai, kuma babu gudan jini a ɗakin sama, ana zura bututu mai balan-balan ta jijiyar cinya a hura shi a bakin ƙofar ya raba inda ta manne, hanyar da likitan Japan Kanji Inoue ya bayyana a 1984. Idan ba ta dace da wannan ba, sai tiyata a sauya ƙofar. Bayan haka za ta ci gaba da allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu na shekaru, don kada wani ciwon maƙogwaron ya sake tayar da ɓarnar.

Da zarar buɗewar ta koma kusan murabba'in santimita 2, matsin hagu yana faɗuwa tun tana kan gadon aiki. Turjiyar jijiyoyin huhu takan biyo baya a hankali, cikin makonni da watanni. Ɗakin dama kuwa yana da saurin farfaɗowa idan aka sauke masa kaya: yana motsewa, bangon tsakiya ya koma wurinsa, yoyo ya ragu. Ana ganin haka a waɗanda aka ƙanƙare wa tsohon gudan jini daga jijiyoyin huhu, da waɗanda aka yi wa dashen huhu aka bar musu zuciyarsu. Iyakar abin ita ce tabo. Tsokar da ta daɗe a miƙe har zaruruwanta suka koma tabo ba ta dawowa duka, zoben ƙofar da ya buɗe sosai yakan ci gaba da yoyo sai an ɗinke shi, kuma wanda ya zo tiyata da ruwa a ciki da hanta da ƙoda da suka taɓu, haɗarin aikin a kansa ya fi na wanda ya zo tun yana matakin haki kawai.